Taƙaita wa kodineta yarjejeniyar tallafi: me kuka sa, me ya ɓalle muku?

Maryam, Gombe:
Assalamu alaikum. Ni ce sabuwar akanta a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a nan Gombe. Mun samu tallafin naira miliyan 48 na shekara ɗaya, aikin zai gudana a Kaltungo da Billiri. Yarjejeniyar shafi 34 ce, ban da rataye guda biyar. Shugabarmu ta ce in taƙaita wa kodineta ita a shafi biyu, don shi kullum yana ƙauye, ba zai zauna karanta ta ba. Na fara, sai na ga kwafe takardar kawai nake yi. Waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka yi?

Hajiya Asabe, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Maryam. Kada ki bi takardar shafi-shafi. Fara da inda aka faɗi yadda kuɗi zai shigo, sauran duk a jikinsa suke rataye. Bari in ba ki abin da ya same mu, in ɗora shi a kan lissafinki don ki gani sarai.

A ce kaso huɗu za a biya ku: kashi 40, 30, 20, sai 10 na ƙarshe da ake riƙewa har a amince da rahoton rufe aiki. Kason farko miliyan 19.2 ke nan. A tamu an rubuta cewa ba a sakin kaso na biyu sai an kashe kashi 70 na na farko, wato a naku miliyan 13.44. Wanda ya taƙaita mana ya rubuta "kaso na biyu: bayan rahoton wata uku", ya tsaya nan. Sharaɗin kashi 70 ɗin yana can cikin rataye, bai leƙa ba. Da muka gano, muka duba littafi muka ga mun kashe kamar miliyan 14.1, muka ce ai mun haye. Sai masu ba da tallafin suka tace rahoton suka cire abu biyu: babur na dubu 900 da kodineta ya saya ba tare da izininsu a rubuce ba, da dubu 400 na taron gaisuwa da hakimai da aka yi mako guda kafin ranar fara aiki. Saura miliyan 12.8. Mun faɗo ƙasa da sharaɗin, kuɗin ya tsaya kusan wata biyu, ga damina ta kama, ga ma'aikatan sa kai suna jiran alawus.

Tun daga nan, a ƙarƙashin kowane kaso ina rubuta abu uku: nawa ne a naira, wace takarda ce sai ta isa hannunsu, kuma nawa ne sai an kashe daga kuɗin da suka yarda da shi. Kalmar "suka yarda" ki ja mata layi. Kuma kowane layi ki sa lambar sashen da kika ɗauko shi, don ranar gardama.

Yakubu, Billiri:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, a wajen kwanan wata kada ki rubuta "kwana 30 bayan ƙarshen zango". Kodineta ba zai ƙirga ba. In zango ya ƙare 31 ga Maris, rubuta 30 ga Afrilu ɓaro-ɓaro, sannan ki sa masa tasa ranar ta cikin gida, kamar 10 ga Afrilu, da zai kawo rasit da takardun sa hannun mahalarta. Nakan duba ko ranar ta faɗo cikin hutun sallah. Game da kasafi kuma, ki gaya masa yana iya juya kashi 10 daga wani layi zuwa wani ba sai ya tambaya ba, haka dokar take.

Hajiya Asabe:
Malam Yakubu, batun kwanan wata na yarda, amma kashi 10 ɗin ba doka ba ce, al'adar wasu ce. A wasu tallafin Tarayyar Turai, misali, iyakar kashi 25 ce, kuma tsakanin manyan rukunonin kasafi ake lissafa ta. Ko a inda aka ce 10, sai an duba 10 na me: na layin, na rukunin, ko na jimillar kasafin? A miliyan 48, goma na jimilla miliyan 4.8 ne, goma na layin man fetur mai miliyan 2 kuwa dubu 200. Wasu ma sun hana taɓa layin albashi ko da kwabo. Maryam ta kwafo abin da tata takardar ta ce.

Auwal, Azare:
Don Allah Anti Maryam, ta yaya kuka samu tallafin? Mu ƙungiyar matasa ce, mun yi rajista, sau uku muna nema shiru. Ko akwai samfurin takardar nema ki taimaka mana?

Maryam:
Auwal, na zo na tarar an riga an samu, takardar bayan sa hannu nake fama da ita. Hajiya, na duba yanzu, tamu ma akwai sharaɗin kashi 70, a rataye na uku. To kuɗin da muka ba ma'aikacin fili a hannu ya tafi Kaltungo, bai kawo rasit ba tukuna, yana cikin wanda aka kashe?

Malam Bappa, Dukku:
A wurinmu ba ya ciki. Odita ya ce mana kuɗin da ke aljihun ma'aikaci bashi ne a kansa har sai ya kawo takardu. Amma na yi aiki da wasu masu tallafin da suka karɓi odar sayen kaya da aka riga aka sa wa hannu a matsayin kuɗin da aka kashe. Ki tambaye su ta imel, ki ajiye amsar. Maganar waya ba ta tsaya wa kowa gaban odita.

Ni dai, ku yi haƙuri, ban gamsu da shafi biyun nan ba. Na shekara shida ina kodineta. Taƙaitawar da aka ba ni ta ce "kuɗin mota da abincin mahalarta ya halatta", gaskiya ne kuma. Abin da ba ta faɗa ba shi ne sayayyar da ta wuce wani adadi sai da takardar farashi daga 'yan kasuwa uku. A Dukku mai dafa abincin mutum 120 guda nawa ne? Na ba wadda na sani, aka ƙi kuɗin. Da na karanta sashen da kaina, da na nemi a ɗaga mana sharaɗin tun kafin taron.

Hajiya Asabe:
Malam Bappa, wannan laifin mai taƙaitawa ne. Shi ya sa ba na jera abin da ya halatta, yana cikin kasafi ai. Abin da aka hana nake rubutawa, da abin da sai an nemi izini, da takardar da kowane irin kashewa ke buƙata.

Malam Bappa:
Duk da haka wani abu sai ya zube, Hajiya. In ni ne, Maryam ta zaunar da shi awa ɗaya su bi sashen sayayya tare.

Maryam:
Na gode ƙwarai. Wani abu kuma: kasafinmu a naira yake, amma shafin farko ya ambaci adadin a dala. Wanne zan sa masa?

Yakubu:
Duba sashen canjin kuɗi. A Yunin 2023 da aka saki farashin canjin naira, kason da ya shigo mana ya fi na kasafi nesa, muka ɗauka rabo ne, ashe sai an nemi izini kafin a taɓa rarar. Yadda ake lissafa kashi 70 a irin wannan hali kuwa, mu ma sai da muka yi ta musayar imel da su. Hajiya, ku a kan naira aka lissafa muku ko a kan dala?