Sifili a kan cibiyar siffar L: muhawarar zauren ɗaliban injiniya na Katsina

Nura Ƙofar Sauri: Jama'a, an zalunce ni. An ce mu nemo cibiyar wata siffa. Siffar L ce, miƙaƙƙiyar ƙafa a tsaye santimita 2 da 10, kwantacciya 6 da 2 manne a gindinta ta dama. In aka auna daga kusurwar ƙasa ta hagu, a kwance sannan a tsaye, tsakiyar ta farko (1, 5), ta biyu (5, 1). Na haɗa na raba biyu, na samu (3, 3), malami ya ba ni sifili. Tsakiyar tsakiyoyi biyu ba ita ce tsakiya ba?

Injiniya Hadiza: Ƙanena, tsakiyoyin nan biyu daidai ka samo su, a rabon ne ka kauce. Ƙafar farko eriyarta 20 ce, ta biyu 12, kai kuwa ka ba su murya ɗaya. Kowane yanki gwargwadon girmansa yake jan cibiya, shi ya sa ake ninka eriya da nisan tsakiyarsa kafin a raba: x̄ = ΣAx / ΣA. A kwance, 20 sau 1 a tara da 12 sau 5, 80 ke nan, raba da 32, ya ba ka 2.5. A tsaye, 20 sau 5 a tara da 12 sau 1, 112 ke nan, raba da 32, ya ba ka 3.5. Cibiyar tana (2.5, 3.5). Ja layi daga (1, 5) zuwa (5, 1), za ka gan ta a kansa, ta karkata wajen yankin da ya fi nauyi.

Sada na Daura: Anti, da girmanki, nauyi fa kika ce. Zane a takarda wane nauyi gare shi? Cibiyar siffa daban, cibiyar nauyi daban.

Malam Lawal mai walda: Yaro, yanko L ɗin daga farantin ƙarfe. Huda wani lungu ka rataye shi a ƙusa, ka saki zare mai dutse daga ƙusar, ka bi zaren da alli. Sake ratayewa ta wani lungun. Inda layukan suka gicciye, nan ne. Me ya ja zaren in ba nauyi ba?

Sada na Daura: Baba, saboda kaurin farantin ɗaya ne ko'ina. Yi ƙafa ɗaya da mai kaurin milimita 3, ɗayar da mai 6, zarenka zai gusa, cibiyar siffa kuwa tana nan daram.

Bishir: Duk kun bar babbar magana. (2.5, 3.5) ba ta ma kan ƙarfen. Faɗin miƙaƙƙiyar ƙafa ya ƙare a 2, tsayin kwantacciya ya ƙare a 2. A iska ta faɗa, don haka akwai kuskure. Ni 2.33 da 3.22 na samu.

Injiniya Hadiza: Bishir, na gane abin da ka yi. Ka ɗauki ƙafar ƙasa 8 da 2, ta tsaye 2 da 10, sai lungun nan mai 2 da 2 ya shiga lissafi sau biyu. Jimillarka 36 ce, alhali siffar 32 ce. Taka kuma ai a iska take. Faɗawa a iska ba laifi ba ne, cibiyar zobe ma a cikin raminsa take. Gwada ta hanyar ragi: cika siffar ta zama 8 da 10, eriya 80, tsakiya (4, 5). Abin da ka cika 6 da 8 ne, eriya 48, tsakiya (5, 6), shi kuma da alamar ragi zai shiga. 320 a cire 240 saura 80, 400 a cire 288 saura 112. Raba kowanne da 32, ga 2.5 da 3.5 sun dawo. Sharaɗin dai shi ne duk nisa a auna shi daga kusurwa ɗaya, ta ƙasa a hagu. Mai auna wani yanki daga ƙasa wani daga sama ya ɓata komai.

Sada na Daura: Har yanzu ba ki janye kalmar nauyi ba.

Malam Lawal mai walda: Ku 'yan jami'a kalma kuke aunawa, 'yan foli da ke zuwa koyon aiki wurinmu ƙarfe suke aunawa.

Sada na Daura: Wa ya ce maka ɗan jami'a ne ni? Ko don na ce daga Daura nake?

Nura Ƙofar Sauri: Maganar makina fa?

Shugaban zaure, Mannir: A taƙaice, Malam Lawal ya kashe magana, zare ba ya ƙarya, kuma cibiya da nauyi abu ɗaya ne. Amsa (2.5, 3.5). Sada neman magana kawai yake.

Sada na Daura: Shugaba, Malam Lawal maigidanka ne, kowa ya sani. A bim mai siffar T, wato abin da ake gittawa ya ɗauki nauyin gini, in ana lissafin lanƙwasa, eriyar yankan ake bi don samun layin da ba ya miƙewa ba ya matsewa, ba kilo ba. A amsa mani wannan.