Takardar tallan taron neman gudummawa: abin da iyaye suka ce a gyara

Kwamitin iyaye da malamai na wata firamare a Gwale ya zauna kan takardar tallan taron neman gudummawa. An fara da kanun "Gagarumin Taro", wanda kowa ya ƙi, domin bai faɗi abin da za a yi da kuɗin ba. An koma "A Taimaka Mu Rufe Ajujuwa Biyu Kafin Damina".

Wata malama ta nace a rubuta rana da sunanta, Asabar, ba lamba kaɗai ba, kuma lokaci ya zama "bayan La'asar, ƙarfe 4:30", wuri kuma a haɗa da kwatance. Ta yi gaskiya, da kwatance ake gane wuri a Kano.

Batun lambar asusu ya fi ɗaukar lokaci. Wani dattijo ya ce, "Malam, in sunan mutum ya fito maimakon na makaranta, ba wanda zai tura ko sisi." Aka amince a sa sunan banki, sunan asusu da lambar, mutum biyu su duba kowace lamba kafin a kai wa masu buga takardu. A ƙasa umarni ɗaya tak: "Ka zo, ko ka tura gudummawarka kafin Juma'a."