Rezume, parafaraz da relektir: me za mu kira waɗannan kalmomin Faransanci da Hausa?

Maman Zara, Garwa: Salamu alaikum. Na rubuta sanarwar taron iyayen yara, layi biyar kacal. Shugabanmu ya ce a yi mata "rezume", sakatare ya ce "relektir" take so, ɗana kuma ya ce "parafaraz". Ba duk gyara ba ne?

Ɗan Marwa: Hajiya, ai parafaraz fassara ce. Ki mayar da ita Faransanci, magana ta ƙare.

Malam Bukar: A'a ƙanena, fassara fita ce daga harshe zuwa harshe. Hajiya, turo mana jimla ɗaya mu gwada a kanta.

Maman Zara: "Za'a yi taro ranar Asabar 14 ga wata, iyayen da basu samu zuwa ba su aiko wakili."

Malam Bukar: Madalla. In na ce "Ana gayyatar iyaye taro ran Asabar 14 ga wata, wanda uzuri ya hana wani ya tsaya masa", na yi parafaraz. Kalmomi sun sauya, tsawon yana nan, ba abin da aka zubar. Ni sauya lafazi nake ce masa.

Rezume kuwa taƙaitawa ce. A lise, wato babbar sakandare, ana sa ɗalibai su mayar da rubutu kashi ɗaya cikin huɗu, kalma 400 ta koma 100. Dole a zubar da wani abu. Taki za ta koma "Taron iyaye ran Asabar". Ina zancen wakili? Ya tafi, alhali shi mai tafiya kasuwa yake bukatar ji. Layi biyar ba su da kitsen da za a rage.

Relektir take so. Ba a taɓa ginin jimla, kuskure ake farauta: "za a" ba "za'a" ba, "ba su" a rabe.

Ɗan Marwa: To parafaraz a ce juya magana mana, ya fi daɗi a baki.

Inna Kulu, Gaundare: Kul! Wanda aka ce ya juya magana ai ƙarya ya yi maka. Sauya lafazi dai. Amma Malam, me ka sa wa relektir? Ni tacewa na sani.

Malam Bukar: Mai tacewa yana cire jimla ya sa wata, hannunsa ya fi nauyi. Na fi son duban kurakurai.

Inna Kulu: Ya yi tsawo. Ni bita zan riƙa cewa, ko da 'yan makaranta za su ɗauka haddar darasi ce.

Maman Zara: Ku ci gaba da gardamarku. Na duba kalanda yanzu, 14 ga wata Juma'a ce. Saura kaɗan in buga kwafi sittin!