Densiti: wace kalma za mu ba yara a aji?

Malamar kimiyya, Gombe:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma duk shekara idan muka iso kan densiti sai aji ya tsaya cak. Yara suna haddace ρ = m/V, suna ma cin lissafin, amma ka tambaye su me ya sa man gyaɗa ke tasowa saman ruwa, sai su ce ai ba shi da nauyi. Na ce musu to jarkar man gyaɗa fa, wa zai ɗaga ta da hannu ɗaya? Sai shiru. Idan na ce "nauyi" na rikita su, idan na bar kalmar Turanci sai su maimaita ta ba fahimta. Ina neman kalmar Hausa da zan riƙa faɗa, wadda yaron da Tangale ko Fulatanci yake yi a gida ma zai kama ta da Hausarsa ta kasuwa.

Ɗalibin jami'a, Bauchi:
Wa alaikumus salam Malama. Ai kauri ne kawai. Kunu mai kauri ya fi ruwa densiti, zuma ma haka. Ni da wannan na gane shi tun ina sakandare.

Tsohon malamin fiziks, Azare:
Ɗana, a kan kunu da zuma ka dace, amma kauri zai yaudare ka. Zuba man gyaɗa a kofi, ka zuba ruwa a wani kofin, ka karkata su. Wanne ya fi jan jiki wajen zuba? Man. Ke nan ya fi ruwa kauri. Yanzu haɗa su a kwalba ɗaya: man ne zai hau sama. Baƙin man inji ma haka, ga kauri ga tasowa. Kauri yana magana ne a kan yadda abu ke gudana, densiti kuwa a kan nauyin da ke cikin awo ɗaya. Yaron da aka ba kauri zai faɗi tambayar mai da ruwa, kuma ita ce aka fi yi. Sannan ƙarfe da dutse suna da densiti, alhali kaurin ƙarfe a bakin Bahaushe wani abu ne daban, shi ne kaurin falle ko na rodi.

Malama, ni abin da nake ba da shawara shi ne "nauyin awo". Ki lura da 'yan kasuwar hatsi. Mudun gero da mudun dusa, mudun ɗaya ne, amma kowa ya san na gero ya fi danna hannu. Ba wanda ya koya musu wannan a makaranta. Abin da suke ji a hannunsu shi ne densiti: awo bai canza ba, nauyi ya canza. Ki fara da wannan kafin ki taɓa allo.

Malamar kimiyya, Gombe:
Baba, ta shige ni. Amma yaya zan kai su daga mudu zuwa lissafi? Mudun Gombe ba lallai ya zo daidai da na wata kasuwa ba, wani ma yana yi masa tozo.

Tsohon malamin fiziks, Azare:
Shi ya sa mudu na buɗe ƙofa ne kawai, daga nan sai ki koma lita. Ki samo robar ruwa guda uku iri ɗaya da sikelin masu shago. Ki fara auna robar ba komai a ciki, ki rubuta, don a cire nauyinta daga baya. Wannan matakin ne yara ke mantawa, sai amsa ta fito sama da gaskiya. Lita ɗaya ta ruwa za ta ba ki kilo 1. Lita ɗaya ta man gyaɗa wajen giram 910 zuwa 920. Ta zuma wajen kilo 1.4. Ki sa su faɗa da bakinsu: nauyin awon ruwa kilo ɗaya ne a kowace lita, na mai bai kai ba, na zuma ya wuce. Sai ki tsiyaya ukun a hankali cikin doguwar kwalba, zuma ta kwanta a ƙasa, ruwa a tsakiya, mai a sama, daidai da yadda lambobin suka jeru.

Daga nan ki dawo da tambayarki ta jarka. Jarka mai lita 25 ta man gyaɗa wajen kilo 23 ce, ta fi cokalin ruwa nauyi nesa ba kusa ba. Amma raba 23 gida 25, za ki samu 0.92, abin da lita ɗaya ta bayar. Cokali ne ko jarka ko tanka, nauyin awo bai motsa ba, jimillar nauyi ce ke hawa da sauka. Idan yaro ya iya faɗin wannan da Hausa, ya gane ρ = m/V, domin rabawar nan ita ce "a kowace lita".

Mai sayar da zuma, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, amma na ga an ambaci zuma. Wato idan na auna lita ta ba ni kilo 1.4, zumar mai kyau ce? Don an taɓa kawo mini jarka biyu daga ƙauye, ashe an yi musu haɗi, na yi asara sosai.

Tsohon malamin fiziks, Azare:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Sikeli zai kama maka wanda ya ƙara ruwa, don nauyin litar zai sauka. Amma wanda ya dafa sukari ya yi kauri ya haɗa, nauyinsa na iya matsowa kusa da na zuma, sikeli ba zai tona shi ba. Kada ka dogara da awo shi kaɗai.

Malamin labarin ƙasa, Kaltungo:
Ni ina da ja. A darasinmu muna cewa cunkoson jama'a, wato mutum nawa ne a kowace murabba'in kilomita, kuma a Turance kalmar ɗaya ce da taku. Me zai hana ku ce "cunkoso" ku ma? Yaro ya ji kalma ɗaya a aji biyu, kuma tana nuna masa dalili: ƙwayoyin abu sun matsu wuri ɗaya.

Malamar kemistiri, Bauchi:
Malam, a kan iska maganarka daidai ce. Ka danna iska cikin taya, ƙwayoyin sun cunkushe, densiti ya hau. Amma ɗauki gwal da alminiyam ɗin tukunya. A cikin girma ɗaya, yawan ƙwayoyin zarra da ke cikinsu kusan ɗaya ne, amma nauyin awon gwal kilo 19.3 ne a kowace lita, na alminiyam 2.7, ya ninka shi sau bakwai. Ba cunkoso ya kawo bambancin ba, kowace ƙwayar gwal ce ta fi nauyi. Idan muka ce cunkoso, mun shuka abin da zan zo ina cirewa a babbar sakandare. Ku riƙe cunkoso a kan mutane, can ta zauna daram.

Inda nake da damuwa da "nauyin awo" shi ne ita kanta kalmar nauyi. m ɗin da ke cikin ρ = m/V mas ne, wato yawan abin da abu ya ƙunsa, ba nauyin da ƙasa ke ja ba, kuma Hausa kalma ɗaya take ba su duka. Ranar da aka zo darasin da ke raba su, me za mu ce?

Tsohon malamin fiziks, Azare:
Gaskiyarki, Malama, kuma wannan gyambon ya riga densiti. Ni nakan ce "nauyin kilo" da "nauyin ja", amma ban gamsu da su ba. A ƙaramar sakandare dai abin da sikeli ya nuna da kilo shi ne m, ba za a yi ɓarna ba.

Malamar kimiyya, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan tafi da "nauyin awo" a baki, amma a allo zan rubuta kalmar Turancin gefenta kowane lokaci, don takardar jarrabawa da Turanci za ta zo. Robobin ina da su, sikeli zan aro a shagon maƙwabcinmu. Malamar kemistiri, maganar mas ɗin nan darasin zango mai zuwa ne a wurina, don Allah in kin samo kalma kafin nan ki taimaka min.