Warin baki har la'asar: wankin haƙori zan yi ko maganin ciki zan saya?

Telan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Da kunya nake wannan tambaya. Saura sati 6 aurena, sai yayata ta ja ni gefe ta ce bakina na wari. Na ce ai kowa ya tashi barci haka yake, ta ce a'a, nawa har la'asar yana nan, bayan na goge baki na ci na sha. Gaskiya in na goge ina tofar da jini, ya fi shekara, kuma bayan haƙoran gaba na ƙasa akwai wani abu rawaya mai tauri da buroshi ba ya cirewa. Cikina ba ya ciwo. Na je wurin likitan haƙori a Adum, ya ce dasashina ne ya kumbura, sai an kankare dattin da inji, sidi 400. Mai maganin unguwarmu kuma ya ce daga ciki ne, kwalba 3, sidi 350. Kuɗin ɗaya nake da shi. Wanne zan yi?

Baba Direba: Olsa ce, ɗana. Ku teloli ba ku cin abinci a kan lokaci. Sha kooko da ƙosai da sassafe, ka rage shito, ka ga ikon Allah.

Maman 'Yan Biyu: Baba, ai ya ce cikinsa ba ya ciwo. Ƙanena, fara gwada wannan: ɗauki cokali ka kankaro can bayan harshe, bar shi ya ɗan bushe, ka sunsuna. Ni nawa nan yake. Farin abu ne ya lulluɓe harshen, da na fara kankarewa safe da dare sai ya tafi, ko kobo ban kashe ba.

Hajiyar Asawase: Kada ka bari su sa maka injin nan a baki! Ni da haƙorana lafiya lau na je wani asibiti, aka ce wanki za a yi. Na dawo gida tsakanin haƙorana duk ƙofofi, iska na shiga, ruwan sanyi kamar allura. Wata 8 bayan nan biyu na ƙasa suka fara girgiɗi, aka cire. Yanzu na roba nake sawa, nama sai an daka mini. A bikin 'yata ban yi dariya ko sau ɗaya a hoto ba. Kai da za ka yi aure, ka yi tunani.

Ɗan Alabar: Allah sarki Hajiya. Wannan ya tsorata ni, ni ma na fasa zuwa.

Nas ɗin Tafo: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, rashin haƙori ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki yarda in faɗi abin da nake gani a ɗakin haƙori kullum. Ƙofofin nan ba inji ya buɗe su ba. Dattin da ya daskare ne ya daɗe yana zaune a wurin, yana sa dasashi kumbura, ƙashin da ke riƙe haƙorin yana zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ba. Ranar da aka cire dattin, kumburin ya saɓe, sai ramin da ya riga ya samu ya bayyana.

Tela, bambancin da yayarka ta gane daidai ne. Da dare yawu yana raguwa sosai, baki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu sarari su ci ragowar abinci su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan na kowa ne, ya fi ƙarfi ga mai barci baki buɗe, kuma da ka goge, ka sha ruwa, ka karya, ya wuce. Wanda ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu da gogewa, akwai inda ƙwayoyin suka ɓuya da buroshi ba ya kaiwa: bayan harshe, kogon haƙori, ko ƙarƙashin dasashi. Kai ka ba da alamu biyu da bakinka, jini da wannan abu mai tauri. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Kuma dattin in ya zama dutse, ba asuwaki ba buroshi ba abin sha da zai narkar da shi, sai an kankare.

In ka koma, ka ce ya auna maka ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, kumburin saman kawai yakan lafa cikin sati biyu bayan wanki in kana gogewa da kyau. In ya kai 5 ko 6, ƙashi ya fara taɓuwa, wanki ɗaya ba zai isa ba.

Hajiyar Asawase: 'Yata, ke nas ce, dole ki kare gidanku. Ni bakina ne shaida. Kafin in je babu wanda ke motsi.

Nas ɗin Tafo: Hajiya, an taɓa auna miki suga? Ciwon suga yana saurin cinye dasashi.

Hajiyar Asawase: Ina da shi shekara 10, amma me ya haɗa suga da inji?

Baba Direba: Kakanninmu da asuwaki da goro suka kai 90 da haƙoransu. Maganar wanda abu ya sama ta fi ta mai takarda.

Malamin Makaranta: Baba, wanda abu ya sama ya san zafinsa, ba lallai ya san sanadinsa ba. Ni an yi mini wankin nan bara, sidi 200 a asibitin gwamnati, na yi kwana 4 ina jin sanyi a haƙori sannan ya daina. Jinin ma ya tsaya. 400 ta yi yawa.

Ɗan Alabar: 200 ina? Matar wana 650 ta biya watan jiya a Ahodwo.

Maman 'Yan Biyu: Ita wataƙila har da hoton haƙori. Ni 300 aka ce mini a Suame.

Sarkin Fada: Angonmu, saka takunkumin korona ranar biki, ka ce wa amarya mura kake, sai bayan sati ka cire.

Telan Aboabo: Sarki, ka ba ni dariya amma abin yana damuna, ko masu kawo ɗinki yanzu ina kau da kai in zan yi musu magana. Anti nas, ruwan kurkure baki da ake sayarwa a kemis fa, zai riƙe ni har bayan biki?

Nas ɗin Tafo: Mai ƙamshin na'a-na'a rufe warin yake na ɗan lokaci. Akwai mai kulohezidin, shi yana kashe ƙwayoyin da gaske, amma in ka zarce sati biyu yana sa haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa, kuma dutsen yana nan inda yake. Sati 6 ya ishe ka in ka je wannan satin.

Malamin Makaranta: Ni abin da ke ƙona mini rai masu tallan magani a mota. Ka shiga mota a Kejetia, mutum ya miƙe da kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da warin baki da ciwon baya da rashin ƙarfi. Surukata ta sha kwalba 5, ashe turmin haƙorinta ne ya yi kogo, abinci na ruɓewa a ciki. Sai da kumatu ya kumbura aka gane.

Baba Direba: Malam, kada ka yi musu kuɗin goro. A motata wani yake talla shekara 7, maganin basir ɗinsa ni na sha na warke.

Maman 'Yan Biyu: Su da masu lasifika da asuba! Ƙarfe 5 suna ƙofar gidanmu, yara ba su barci. An kai ƙara wurin mai unguwa sau biyu.

Ɗan Alabar: Namu har ranar Juma'a ana huɗuba. Wa ya san inda ake kai ƙarar lasifika a Asokore Mampong?

Telan Aboabo: Malam, asibitin da ka biya 200 ɗin, sai an yi layi tun asuba ko ana ba da rana?