Me zan cire daga wannan saƙon kafin in tura wa Oga?

Maman_Haidar: Assalamu alaikum. Takardar hutuna tana teburin shugaban sashenmu, kuma sai ya sa hannu kafin Alhamis ofishin kula da ma'aikata zai karɓa. Ga abin da na rubuta, ban tura ba tukuna: "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da damuwa, dama kawai ina so in ɗan tuna maka ne, ko wataƙila in da hali za ka ɗan duba takardar nan, don ina ganin kamar lokaci ya kusa." Ƙawata ta ce ya yi laushi da yawa. Ni kuma tsoro nake kada in datse ya ce na raina shi.

Tsohon_Sakatare: Wa alaikumus salam, Hajiya. Saƙon nan babu buƙata a cikinsa sam. Wace takarda? Me zai yi mata? Yaushe? Kin ce ya "ɗan duba", to idan ya ɗaga ta ya kalla ya ajiye, ya cika abin da kika roƙa. Sa hannu kike so, sai ki ce sa hannu. "In da hali" kuwa ke da kanki kika buɗe masa ƙofar fita. Wanda ya fi ɓarna shi ne "ina ganin kamar lokaci ya kusa". Alhamis ai ƙa'idar ofis ce, ba ra'ayinki ba, amma kin mayar da ita zato, zato kuwa ba ya tayar da kowa daga kujera. Gwada wannan: "Ranka ya daɗe, barka da aiki. Don Allah ina buƙatar sa hannunka a takardar hutuna kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, domin Alhamis ake rufe karɓa. Tana teburinka tun Litinin. Na gode."

Ɗan_Gajere: Ki kira shi a waya mana, mene ne na dogon rubutu?

Kai_Tsaye: Ni a wurina har "don Allah" ɗin a cire. Haƙƙinta ne, ba bara take yi ba.

Tsohon_Sakatare: A'a ɗan'uwa, ka haɗa abu biyu. Akwai kalmar da ke girmama mutum, akwai wadda ke rage ƙarfin buƙata. Gaisuwa, "ranka ya daɗe", "don Allah", "na gode", duk mutumin suke taɓawa, ba su sauya abin da ake nema ba. "Kawai", "ɗan", "wataƙila", "dama" kuwa buƙatar suke ci. Ka cire kalmar ka sake karantawa. Idan aikin ya ƙara fitowa fili, to dama ba ta da amfani. Idan kuma saƙon ya koma kamar kana ba yaronka umarni, mayar da ita.

Baba_Akawu: Ku dai ku yi ta ba ta shawara. Haka aka zuga ni na aika wa wani shugabanmu "ina buƙatar amsa kafin Laraba". Washegari takardar tuhuma na tarar a kan teburina, wai tun yaushe ƙaramin ma'aikaci ke yanka wa na gaba da shi wa'adi. Hutun ma ban samu ba a shekarar.

Anti_Zee: Baba, ka faɗa masa dalilin Larabar?

Baba_Akawu: Ai ya sani.

Anti_Zee: To a nan gizo ke saƙa. Wa'adi ba dalili umarni ne. Da ka ce "domin Alhamis ake rufewa", ya san ba kai ka yanka ba. Sannan ni ban yarda a kori "wataƙila" gaba ɗaya ba. Idan da gaske Hajiya ba ta tabbata takardar ta isa teburinsa ba, sai ta faɗi haka sau ɗaya, a daidai wurin. Shakkar ta tsaya a kan inda takardar take, kada ta shafi sa hannun.

Kai_Tsaye: Wanda bai taɓa riƙe sashe ba ne zai koya mana yadda shugabanni ke karanta saƙo?

Anti_Zee: Kai wane sashe ka riƙe?

Ɗan_Gajere: Dama kawai ina ganin kamar wataƙila in da hali ku ɗan daina faɗa 😂

Baba_Akawu: Ni abin da ke ci min rai ma, ka gyara saƙo tsaf, alama ta nuna an karanta, shiru. Sai ka jira kwana uku kafin ka tuna masa, in ba haka ba ka zama mai naci.

Tsohon_Sakatare: Kwana uku ya yi mata yawa, Alhamis za ta wuce. Ta tura yau, ta sake taɓa shi gobe da safe, kuma tunin ma kada ya fara da "ka yi haƙuri".

Maman_Haidar: Na gode duka. Na cire "kawai" da "wataƙila" da "in da hali". Amma "ka yi haƙuri da damuwa" ɗin nan hannuna ya kasa goge shi. In bar shi ko in cire?