Samfurin gano lahanin kwalabe ya rikice bayan an canza fitilu

Sallama. Na maƙale, ina neman taimako.

Muna da kyamara a kan layin kwalabe, da samfurin da ke gano tsagewa a bakin kwalba. Wata takwas yana aiki lafiya. Makonni uku da suka wuce aka canza fitilun layin, tun daga nan kwalaben da samfurin yake fitarwa a matsayin masu lahani suka tashi daga kashi 2 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Na ɗauki 300 daga cikinsu na duba da hannu, sama da rabi lafiyarsu ƙalau. Ƙyallin sabon hasken a gefen baki ne yake ɗauka tsagewa.

Na goge gilashin kyamara, na rage lokacin shigar haske. Na kwatanta hasken hotunan yanzu da na horarwa, PSI, wato ma'aunin bambancin da ke tsakaninsu, ya kai 0.27. Amma ko a lokacin da komai ke lafiya yakan haura 0.2 a aikin dare, don haka ban yarda da shi ba.

Sai na ɗaga `threshold`, wato makin da kwalba za ta kai kafin samfurin ya ce tana da tsagewa, daga 0.5 zuwa 0.7. Fitar da masu kyau ya ragu, amma kwalabe biyu masu tsagewa suka wuce har wurin shiryawa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin kwalaben da ya bari suka wuce ba wanda ke duba su, ba ni da alƙaluman kuskurensa ta nan.

Wane ma'auni zan dogara da shi in yanke cewa lokacin sake horarwa ya yi, ba gyaran haske kawai ake buƙata ba?